Hannu Huɗu, Baki Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi kan Rubuta Takardar Salon Maganar Kasuwanci

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga masu ƙananan kasuwanci a Jos da Abuja da zarar aikin ɗora talla da amsa saƙonni ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Don kada maganar ta tsaya a iska, zan riƙa komawa ga misali guda. Mu ɗauka wata Hajiya ce ke sayen kabeji, karas, koren tattasai da dankalin turawa a kasuwar Farin Gada, tana turawa Abuja ranakun Talata da Juma'a. Mutum huɗu ke rubutu da sunan kasuwancin: ita kanta, ƙaninta da ke riƙe da WhatsApp, wata ɗalibar jami'a da ke kula da Instagram da Facebook, sai wani saurayi a Kubwa da ke karɓar kaya a tasha yana rabawa.

1. Mece ce takardar salon magana, kuma me ya raba ta da tambari da kalar kamfani?

Takarda ce da ke faɗa wa duk mai rubutu da sunan kasuwanci yadda kasuwancin ke magana: yadda yake gaisuwa, yadda yake kiran kwastoma, yadda yake faɗin farashi, yadda yake ba da haƙuri, da abin da ba ya faɗa ko an tsokane shi. Tambari da kala aikin mai zane ne, ana yin su sau ɗaya a ajiye. Ita kuwa magana kullum sai an yi sabuwa, kuma mutane daban-daban ke yin ta, wani da safe yana cikin nishaɗi, wani da ƙarfe goma na dare bayan ya gaji.

Abin da ake nema shi ne kwastoma ta karanta talla a Instagram, ta shigo WhatsApp ta yi ciniki, mai kai kaya ya turo mata saƙo daga ƙofar gida, ba tare da ta ji kamar shaguna uku ta shiga ba.

2. Mu huɗu ne kacal. Ba manyan kamfanoni ke buƙatar irin wannan ba?

Daga mutum na biyu ake fara buƙatarta. Dubi yadda mutum huɗun nan za su amsa tambaya ɗaya, "Akwai dankali?" Hajiya za ta ce, "Sannu da aiki, akwai, na Bokkos ne, jiya ya sauka." Ƙaninta zai rubuta "eh akwai", ya yi shiru. Ɗalibar za ta jero imoji shida da alamar motsin rai uku. Na Kubwa kuma zai turo saƙon murya, ana jin hon ɗin motoci a bayansa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma wadda ta saba da Hajiya, ran da ta faɗa hannun ƙanin, za ta ɗauka an yi fushi da ita, ko kuma an sace lambar. Wannan zargi na biyun ba ƙarami ba ne a wajen wadda za ta tura kuɗi kafin ta ga kaya.

Alamar da ta fi kowace bayyana ita ce kwastomomi su fara cewa, "Don Allah a haɗa ni da Hajiya da kanta." Idan kuna jin wannan sau da yawa, mutanen da kuka ɗauka ba su rage muku aiki ba.

3. Daga ina zan fara? Na zauna da biro, na rasa abin rubutawa.

Kada a fara da farar takarda, domin muryar ta riga ta wanzu a cikin waya. A buɗe tsofaffin hirarraki a zaɓo kamar talatin: goma da suka ƙare da ciniki, goma da aka yi ƙorafi aka sasanta, goma da kwastoma ya yi shiru ko ya tafi da fushi. A kwafe su wuri ɗaya, a goge sunaye da lambobin mutane, sannan duk masu rubutun su zauna a karanta da ƙarfi. Karatu da baki yana da amfani, domin kunne yana kama kaushin da ido ke tsallakewa.

Yayin karatun a riƙa tambaya biyu: wace jimla ce idan an ji ta za a ce wannan mu ne, wace ce kuma ba za a so a sake gani ba? A misalinmu, za a iya gano cewa Hajiya kusan kullum tana faɗin inda kaya suka fito da ranar da suka sauka, ba ta taɓa cewa "mafi kyau a Najeriya" ba, kuma idan kaya ba su yi kyau ba takan faɗa tun kafin a tambaye ta: "Tumatirin yau ya ɗan nuna da yawa, na miya ne, ba na ajiya ba." Ita ba ta ma san tana yin haka ba. To, waɗannan ɗabi'u uku su ne ƙashin bayan takardar, saura duk cikawa ne. Yadda ake mayar da su doka yana amsa ta 4.

4. Na rubuta cewa muryarmu "ladabi, fara'a da gaskiya" ce, amma babu abin da ya canza. Me ya sa?

Saboda kowa a cikin mutum huɗun ya riga ya yi imani cewa yana da ladabi, fara'a da gaskiya. Ƙanin da ya rubuta "eh akwai" bai ga rashin ladabi a ciki ba, a ganinsa bai ɓata wa mutum lokaci ba. Ɗalibar mai imoji shida fara'a take yi iyakar saninta. Kalmomin yabo irin waɗannan ba sa yanke hukunci, kuma duk wani shago a kasuwar Terminus ta Jos zai iya rubuta su a jikin bango. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kashe irin wannan takarda, kuma yakan fito ne daga kwafo takardun manyan kamfanoni.

Kowace siffa sai an ba ta abu uku: iyakarta, dokar da za a iya dubawa a ce an bi ko ba a bi ba, da misali biyu, na yi da na bari. Ga yadda "fara'a" za ta koma abin aiki. Iyaka: fara'a irin ta mai shagon da ya san ka, ba ta abokin wasa ba. Doka: kowace amsa ta farko tana da gaisuwa guda, amsar tambayar, da mataki na gaba, imoji ɗaya ya isa, a ƙorafi kuma babu ko ɗaya. A bari: "eh akwai". A yi: "Sannunku da yamma. Akwai dankali, na Bokkos, jiya ya sauka. Bokitin fenti ko buhu za a ajiye muku?" Haka "gaskiya" za ta koma: ba ma cewa "sabo" sai mun faɗi ranar da ya sauka, kuma aibin kaya muna faɗarsa kafin a biya.

Idan an rasa ta inda za a kama, akwai ma'auni huɗu da kamfanin bincike na Nielsen Norman Group ya fitar a 2016 da ke taimakawa: tsakanin raha da kamewa, tsakanin maganar ofis da ta zaure, tsakanin girmamawa da tsokana, tsakanin ɗoki da faɗin abu yadda yake. Kowa ya ja layi huɗu a takarda, ya sa ɗigo inda yake ganin kasuwancin ya tsaya, ba tare da ya leƙa na wani ba. Inda ɗigon ya warwatse, nan ne rubutunku ke saɓawa, nan ne kuma ake buƙatar doka. Inda aka yi daidai, layi ɗaya ya wadatar.

5. Ka, ki, ko ku? Kuma "ni" za mu ce ko "mu"?

Wannan ita ce doka ta farko da ya kamata a yanke, kuma takardar da aka kwafo daga Turanci ba za ta taɓa kawo ta ba, domin su kalma ɗaya suke da ita ga kowa. A Hausa da zarar ka buɗe baki sai ka zaɓa. Ga sabon kwastoma a WhatsApp, sau da yawa ba ka san namiji ba ne ko mace, yaro ko dattijo. Hoton da ke jikin lambar na jariri ne ko na fure. Ka ce wa Hajiya mai jikoki "ka turo adireshinka", ka yi kuskure biyu a jimla ɗaya. Shawarata ita ce "ku" ga kowa a talla da kuma farkon hira, domin ta ɗauke jam'i, ta ɗauke girmamawa, ta kuma rufe rashin sani. Akwai kuma hanyar kaucewa gaba ɗaya da Hausa ta tanada: "a turo adireshi", "za a kawo gobe".

Sai a rubuta yaushe ake sauka zuwa "ki" ko "ka". Mai sauƙi shi ne: idan kwastoma ya daɗe, an san shi, kuma mai rubutun bai gaza shi a shekaru ba. Ɗalibar ba za ta ce wa sa'ar mahaifiyarta "ki" ba ko da Hajiya tana faɗa mata haka. Laƙabi ma a yanke: Hajiya, Alhaji, Malam, Malama, Madam, Oga, Anti, Mama. Doka mai kyau a nan ita ce a bi abin da mutum ya kira kansa, kada a ƙaƙaba. Ba kowace mai Hausa a Jos ce Hajiya ba, kuma "Mama" takan ɓata wa wadda ba ta kai ba rai.

"Mu" ya fi dacewa a kusan ko'ina, domin gobe wani ne zai ci gaba da hirar. Wuri ɗaya "ni" ke da amfani: inda mutum ya ɗauki alkawari da kansa, kamar "Zan kira direba yanzu, in dawo muku da amsa kafin ƙarfe 2." Akwai misalinsa a amsa ta 9.

6. Da sallama za mu buɗe ko da "sannu"? Kwastomominmu Musulmi ne da Kirista.

A Jos Hausa harshen kasuwa ne na kowa: Berom, Afizere, Anaguta, Ngas, Bafulatani, Bahaushe, Bayarabe. A Abuja ma haka abin yake ko ya fi. Don haka wanda ya rubuto da Hausa bai gaya maka addininsa ba. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne tallar da kowa zai gani ta buɗe da gaisuwar da kowa ke yi, "Sannunku", "Barka da safiya", "Ina kwananku", a hira ta mutum ɗaya kuma a mayar da irin gaisuwar da aka kawo. Wanda ya yi sallama a amsa masa sallama cikakkiya, wanda ya ce "Sannu da aiki" a ce "Yawwa, sannu".

Wannan ba yana nufin a wanke magana daga ambaton Allah ba. "Allah ya kai mu", "Mun gode Allah", "Allah ya kiyaye hanya" kowa na faɗarsu a Filato, kuma Hausar da aka cire mata su takan fito kamar takardar banki. Idan kuma kasuwancin na kayan Musulunci ne zalla, ko littattafan coci, to a yi gaisuwar gida, ba laifi. Abin da bai kamata ba shi ne a bar abin ga ra'ayin wanda waya ke hannunsa a ranar. Haka bukukuwa: a rubuta jerin waɗanda ake taya murna, a ce Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Kirsimeti, Ista da sabuwar shekara, a kuma shirya kalmomin tun kafin ranar. Idan an yi fosta mai ado ranar Sallah aka manta da Kirsimeti, mutane suna lura, ko ba su faɗa ba.

7. Hausa za mu yi, Turanci, ko gauraye? Kuma Hausar wa?

A hira, a bi harshen da kwastoma ya fara da shi. A talla kuwa a zaɓi tsari ɗaya a tsaya a kai, misali Hausa a sama, Turanci a ƙasa, kowanne cikakke, maimakon jimlar da ta fara da wannan ta ƙare da wancan. A tuna Instagram yana yanke rubutu bayan layukan farko, sai mai karatu ya taɓa kafin ya ga saura, don haka harshen da ke sama shi ne wanda akasarin mutane za su gani. Idan masu sayen Gwarinpa da Maitama sun fi yawa a Instagram, masu Hausa kuma sun fi yawa a Facebook da sitatus, ana iya juya tsarin daga dandali zuwa dandali, muddin an rubuta shi.

Sai batun Hausar kanta. Hausar kasuwar Jos takan saki bambancin "ne" da "ce", daidaitacciyar Hausa kuwa, wadda aka gina a kan karin Kano, tana riƙe da shi. Ba sai an koma malaman makaranta ba, amma a yanke abu uku ko huɗu da ke yawan bambanta: "ya zo" a rabe ko "yazo" a haɗe, a rubuta "muna godiya" cikakke ba a taƙaice ba, da batun haruffa masu ƙugiya. Ni ina goyon bayan a sa su, domin "ƙasa" da "kasa" ba abu ɗaya ba ne, haka "ɓata" da "bata", kuma Gboard, manhajar buga rubutu a waya, yana da allon Hausa da ake ƙarawa a minti ɗaya. Idan wayar wani ba ta ɗauka, gara kowa ya bari da a riƙa yin rabi da rabi.

A ƙarshen takardar a sa jerin kalmomi kamar ashirin da kuke amfani da su kullum, kowace da rubutu ɗaya: kwastoma ko mai saye, oda, kabeji, kokwamba, dankalin turawa, kuɗin mota, kuɗin kaiwa gida. Biyun ƙarshe suna haddasa rigima idan wani ya kira su da suna ɗaya.

8. Har yadda ake rubuta farashi sai an sa a takarda?

Shi ma ya fi komai. Ɗaya ya rubuta `12k`, ɗaya `N12000`, ɗaya "sha biyu", ɗaya kuma ya ce a shigo ta bayan fage a ji. A zaɓi siffa guda, a ce `₦12,000`, kuma kullum da awonta a gefe: na bokitin fenti ne, na kwando, ko na buhu, babba ko ƙarami. Tunda farashin kayan lambu yana motsi daga mako zuwa mako, a liƙa masa rana: "Farashin Talatar nan." Hakan ne ke kare ku ran da wani ya tono tallar wata uku da suka wuce ya ce a kan ta zai biya.

Lokaci ma haka. "Anjima" da "yanzu-yanzu" ba lokaci ba ne, kowa da yadda yake fassara su. A ce "tsakanin ƙarfe 2 da 5 na yamma". A kuma rubuta wa ke da ikon yin ragi da iyakarsa, domin murya ba ta zama ɗaya idan a hannun wannan ana ragi, a hannun wancan ba a yi.

9. Murya ɗaya tana nufin yadda muke talla haka za mu amsa ƙorafi?

A'a. Mutum ɗaya ne ke zuwa suna da ta'aziyya, ana gane shi a duka biyun, amma ba da fuska ɗaya yake zuwa ba. Kamfanin tura talla ta imel na Mailchimp, wanda ya buɗe takardar salonsa ga kowa ya karanta, a kan wannan bambanci ya gina ta: murya ba ta canzawa, yanayinta ne ke bin halin da mai karatu yake ciki. Don haka takardarku ta ware yanayi huɗu ko biyar da kuke shiga kullum: talla, tambayar farashi, jinkiri, kaya sun lalace, da godiya bayan ciniki. Kowanne a ba shi misali guda cikakke.

Mu ɗauki na jinkiri. Motar Juma'a ta lalace a Hawan Kibo, kayan da ya kamata su isa Abuja da rana ba za su isa ba sai dare, wata kwastoma kuma tana da baƙi. Ta rubuto a fusace. Amsar da aka saba gani ita ce, "Kiyi hakuri ba laifin mu bane driver ne." Jimla ɗaya, aibi huɗu: an ce mata "ki" ba a san ta ba, an ture laifi ga wanda ita ba ta yi ciniki da shi ba, ba a faɗi lokaci ba, ba a ba ta zaɓi ba. Ga wadda ta bi takarda: "Sannunku. Ku yi haƙuri, kayanku ba za su iso da rana ba kamar yadda muka yi alkawari. Motar ta lalace a Hawan Kibo, ana sauya wata. Muna sa ran su iso Kubwa wajen ƙarfe 8 na dare. Za mu iya kawowa a daren, ko gobe kafin ƙarfe 9 na safe ba tare da kuɗin kaiwa gida ba, ko mu mayar muku da kuɗinku yau. Zan sake rubuto muku ƙarfe 6 da halin da ake ciki."

Tsarin da ke ƙarƙashinta shi za a rubuta a matsayin doka: haƙuri sau ɗaya, abin da ya faru a jimla ɗaya, sabon lokaci, zaɓi, da lokacin da za a sake magana. A lura ɗabi'ar Hajiya ta faɗin wuri da lokaci, wadda aka gano a amsa ta 3, tana nan daram, imoji da raha ne kawai suka fita. Sai dai yafe kuɗin kaiwa da mayar da kuɗi ba ado ba ne na magana. Idan ba a ba mai rubutu ikon faɗarsu ba tun farko, zai koma ga "ba laifinmu ba ne", domin shi kaɗai ya rage masa.

10. Me zai hana mu rubuta amsoshi mu ajiye, kowa ya riƙa kwafa?

Ga wasu abubuwa hakan ne daidai. WhatsApp Business yana da Quick replies, inda ake ajiye saƙo a ba shi gajeren suna, sai a buga alamar `/` a zaɓo shi, kamar `/asusu` ko `/kaiwa`. Lambar asusun banki, ranakun tashin mota, unguwannin da ake kaiwa da kuɗinsu, duk su zauna a nan, domin kuskuren lamba ɗaya asara ce. Akwai kuma Greeting message na wanda ya rubuto a karon farko, da Away message na wanda ya rubuto ba kowa a kusa; su ma a rubuta su da muryar gida, a faɗi ƙarfe nawa za a dawo.

Iyakarsu ita ce ƙorafi da duk tambayar da ta zo da labari. Wadda ta rubuto layi takwas kan kabejin da ya iso a ruɓe, ta samu amsar da aka tura mata makon jiya kalma da kalma, ta san ba a karanta ba. Dokar da nake ba da shawara: a amsar ƙorafi, jimlar farko dole ta ambaci abin da mutumin ya faɗa, da sunan kayan.

11. Me ya kamata a hana gaba ɗaya?

Wannan sashe gajere ne amma kada a tsallake shi. Shafin kasuwanci ba ya shiga siyasa, addini ko ƙabila, ko da a sharhin ƙasan rubutun wani. A Jos kowa ya san dalili. A ƙara da dokar ranar tashin hankali: idan wani abu ya faru a gari ko aka sa dokar hana fita, a dakatar da duk tallar da aka tsara za ta fita da kanta, mutum ɗaya kawai ya yi magana, kuma iyakarta abin da ya shafi kaya: mota za ta tashi ko ba za ta tashi ba. Masu tsara rubutu a Meta Business Suite, manhajar da ke fitar da talla a Facebook da Instagram a lokacin da aka sa mata, su fi kula, domin tallar raha da aka shirya tun Litinin ba ta san abin da ya faru ranar Alhamis ba.

Ba a cewa wani kaya yana warkar da ciwon suga ko hawan jini. Iƙirarin magani hurumin hukumar NAFDAC ne, kuma talla a Najeriya tana ƙarƙashin hukumar ARCON, har da ta intanet. Ba a ɗora hoton hirar kwastoma ko alat ɗin kuɗinsa sai da izininsa, a kuma rufe suna da lamba. Ƙasar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023. Ba a ambaton wani mai irin sana'ar da suka. Wanda ya yi zagi a fili a ba shi amsa ɗaya mai sanyi, a gayyace shi hira ta sirri, kada a yi ta biyu.

12. Shafi nawa ya kamata ta kai, kuma a ina za a ajiye ta?

Shafi biyu, uku idan misalan sun yi yawa. Wanda zai duba ta yana tsaye ne a tasha da waya a hannu ɗaya. Fiye da rabinta ya zama misalai, na yi da na bari. A sa ta a Google Docs don a samu kwafi ɗaya da kowa ke gani, a liƙa adireshinta a bayanin guruf ɗin ma'aikata. Idan aka riƙa tura ta a matsayin fayil, cikin wata biyu za a sami iri uku suna yawo.

Idan akwai wanda karatu ke masa nauyi, ko wanda aikinsa akasari da saƙon murya ne kamar na Kubwa, a karanta masa misalan a ɗauka a murya. Dokokin amsa ta 5 da ta 8 suna aiki a baki kamar yadda suke a rubuce. A ƙara masa guda: kada saƙo ya wuce daƙiƙa 30, kuma farashi da lokaci a bi su da rubutu.

13. Ta yaya zan gane tana aiki?

Da gwajin ɓoye suna. Bayan mako biyu da fara amfani da ita, a ba mutum huɗun tambayoyi uku iri ɗaya, ɗaya ta farashi, ɗaya ta jinkiri, ɗaya ta yabo, kowa ya amsa shi kaɗai. A cire sunaye, a gauraya amsoshi 12 ɗin, a ba wani na waje da ya san su duka ya faɗi wa ya rubuta wanne. Idan ya cinka kusan duka, a tambaye shi da me ya gane. Abin da zai faɗa, "wannan ba ya gaisuwa", "wannan ce mai alamar motsin rai", shi ne dokar da ta ɓace ko aka rubuta ta a dunƙule. A gyara takardar kafin a tuhumi mutum.

Ba a neman su zama kamar injin buga takarda. Idan an ɗan gane hannun wani ta zaɓin kalma, babu komai. Abin da bai kamata ya bambanta ba shi ne wanda kwastoma ke dogara da shi: yadda aka kira shi, farashi, lokaci, da abin da aka yi masa alkawari. Ɗaya alamar kuma ita ce ta amsa ta 2: masu neman a haɗa su da Hajiya sun ragu ko suna nan?

14. Idan mai kasuwancin ce ke karya dokar fa? Wa zai gaya mata?

Hakan na faruwa fiye da yadda ake zato, domin ita tana ganin muryar tata ce, takardar ta yara ce. Ɗaliba kuma ba za ta iya ce wa uwar ɗakinta ta yi kuskure ba, ƙani ma sai ya zaɓi rana. Mafita ita ce a cire gyaran daga bakin mutum a mayar da shi al'ada. A naɗa mutum ɗaya mai riƙon takardar, ba lallai Hajiya ba. Duk ƙarshen wata a zauna minti 20, mai riƙon ya kawo saƙonni biyar ba suna, a karanta, a ce wannan ya bi, wannan bai bi ba. Mai saƙon ta san nata, ba wanda ya nuna ta da yatsa.

Wani lokaci kuma ita ke da gaskiya. Idan Hajiya kullum tana tsallake wata doka, kuma hirarrakinta ne suka fi ƙarewa da ciniki, to dokar ce ba ta kama muryar ba. Misali an rubuta gaisuwa guda, ita kuwa ga tsofaffin kwastomomi sai ta tambayi gida da yara kafin a shiga ciniki. Sai a raba dokar biyu: gaisuwa guda ga sabo, gaisuwar gida ga wanda ya saya fiye da sau uku. Mai riƙon takardar ya rubuta canjin da kwanan wata a ƙasan shafi, ya sanar a guruf, ya kuma duba ko akwai amsar da aka ajiye a Quick replies da ke buƙatar a sauya ta.